Amsoshin Tambayoyinku: Lissafin Ƙarfin Shago Daga Hoton Takardar Ma'auni

"Assalamu alaikum. Ina da shagon jallabiyoyi da abaya da turare a Balad, nan Jidda. Na nemi jari a banki sun ce in cika gurbi biyu, ɗaya an rubuta Current Ratio, ɗayan Debt Ratio. Mai yi mini lissafi ya turo hoton takardar ma'aunin dukiyata ta waya, ya tafi gida hutu. Ga hoton nan, yaya zan fitar da su?"

Mai gabatarwa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Wasiƙu kusan goma muka samu masu kama da taka, daga Makka da Madina har da Riyad, don haka za mu zauna a kanta. Amma Alhaji, hoton naka ka yanke masa kai. Sai da muka roƙe ka ka sake turowa. Malam Akanta, bisimilla.

Akanta: Na gode. Wannan kan da aka yanke ba ƙaramin abu ba ne, domin a nan ake rubuta ranar da aka rufe lissafi, kuma a nan ake faɗa ko alkaluman a riyal ɗaiɗai suke ko a dubbai. Takardar ma'auni halin rana ɗaya tak take nunawa. Shagon da ke sayar wa alhazai, in ka duba shi kafin Ramadan sito cike yake, bashin diloli ma ya kai wuya. In ka duba bayan aikin Hajji sai ka ga kuɗi a banki, sito ya yi sauƙi. Shago ɗaya ne, amma amsa biyu za ka samu. Ta Alhaji ta 31 ga Disamba ce, kuma a riyal ɗaiɗai take.

To, layi huɗu kawai ake nema a cikin hoton. Na farko jimillar dukiya mai juyawa, wato kuɗi da duk abin da ake sa ran zai koma kuɗi cikin wata goma sha biyu. In takardar da Larabci take za ka ga الأصول المتداولة, in da Turanci ce Current Assets. Na biyu jimillar bashin kusa, wanda za a biya cikin wata goma sha biyun nan, shi ne الخصوم المتداولة ko المطلوبات المتداولة, ko kuma Current Liabilities. Sauran biyun su ne jimillar dukiya gaba ɗaya da jimillar bashi gaba ɗaya. Ga yadda ake rabawa:

```
Current Ratio = Current Assets / Current Liabilities
Debt Ratio = Total Liabilities / Total Assets
```

Mai gabatarwa: Masu sauraro su ɗauki biro. Malam, karanta mana na Alhaji a hankali.

Akanta: Kuɗin hannu da na banki riyal 18,000. Bashin da yake bin mutane 42,000. Kaya a shago da sito 110,000. Hayar da ya biya tun kafin lokaci 10,000. In ka haɗa, dukiya mai juyawa ta tashi 180,000. A ɗaya gefen, diloli na bin sa 64,000, harajin kaya da ya karɓa bai kai wa hukuma ba tukuna 9,000, albashin yaran shago da bai biya ba 7,000. Bashin kusa ya zama 80,000. Raba 180,000 gida 80,000, ka samu 2.25. Ma'anarsa, kowane riyal ɗaya da za a zo karɓa a bana, Alhaji yana da riyal biyu da kwata a gefe.

Na biyun kuma, sai ka ƙara dukiyar da ba ta juyawa, wato motar dakon kaya da kantoci da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda takarda ta sa musu 70,000 bayan an cire tsufansu. Dukiya duka 250,000 ke nan. Bashi kuwa, a kan 80,000 ɗin nan akwai ragowar kuɗin mota 60,000, jimilla 140,000. Raba 140,000 gida 250,000, ka samu 0.56. Wato a kowane riyal ɗari na dukiyar shagon, hamsin da shida na mutane ne, arba'in da huɗu ne na Alhaji.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Na farko, dukiya mai juyawa a sama, bashin kusa a ƙasa, 2.25. Na biyu, bashi duka a sama, dukiya duka a ƙasa, 0.56. Ke nan Alhaji ya cika gurbi ya miƙa?

Akanta: A'a, ya dakata. Kafin ma a raba komai, a gwada takardar: bashi 140,000 da jarin mai shago 110,000 sun ba da 250,000, daidai da dukiya. Ta daidaita, alhamdu lillahi. Da ba ta daidaita ba, to ko hoton ya cinye wani layi a ƙasa, ko mai lissafi ya yi kuskure, kuma duk abin da ka fitar daga cikinta aikin banza ne.

Inda matsalar take shi ne kuɗin motar nan. An ajiye 60,000 ɗin duka a bashin nesa, alhali Alhaji ya shaida mana yana biyan 2,000 duk wata daga uwar kuɗin. Dubu biyu sau goma sha biyu, 24,000 ke nan da za su fita daga aljihunsa cikin shekara. Wannan kaso bashin kusa ne, ƙa'idar lissafi ta ce a ɗauko shi a dawo da shi sama. Da ka yi haka bashin kusa ya tashi daga 80,000 zuwa 104,000, sai 180,000 gida 104,000 ya ba ka 1.73. Ka lura, 0.56 ɗin nan bai motsa ba, don ba a ƙara bashi ba, wuri kawai aka sauya masa. Ma'aikacin banki da ya san aikinsa zai gano wannan da kallo ɗaya, gara ka gyara da hannunka.

Mai gabatarwa: Daga 2.25 mun sauko 1.73. Har yanzu dai ya haura ɗaya.

Akanta: Ya haura, amma mu leƙa cikin 42,000 da yake bin mutane. Mun tambaye shi su waye, ya ce 15,000 daga ciki na masu sarin da suka ɗebi kaya suka koma gida ne tun Hajjin bara waccan, waya ma ba ta shiga. Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba dukiya mai juyawa ba ce. Ka ci gaba da bibiya, Allah ya sa su biya, amma a lissafi a cire. Dukiya mai juyawa ta koma 165,000, a raba gida 104,000, an samu 1.59. A wannan karon ɗaya ma'aunin ma ya motsa, domin dukiya duka ta ragu zuwa 235,000, bashi kuma yana nan 140,000, ya zama 0.60. Sai dai kada ya rubuta waɗannan a fom alhali takardar da zai haɗa tana faɗin wani abu daban. Ya sa mai lissafinsa ya gyara takardar tukuna, ko yana gida ai waya na kaiwa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne siton. Kashi biyu cikin uku na abin da ya rage kaya ne. Turare da jallabiya fara suna jira, ba sa lalacewa da wuri, amma abayar da yayinta ya wuce ba za ta dawo da kuɗin da aka saye ta ba, kuma ƙa'ida ita ce a rubuta kaya a kan farashin saye ko abin da za a iya samu in an sayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. In ka ajiye kaya da hayar da aka riga aka biya a gefe, don ba za ka biya dila da haya ba, abin da ya rage 18,000 ne da 27,000, wato 45,000 a gaban bashin 104,000. Bai kai rabi ba. Shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa takardarsa ta yi kyau, amma ranar biyan harajin kaya na wata uku yana neman wanda zai ranta masa. Harajin nan tun Yulin 2020 ya koma kashi 15 cikin ɗari, kuma ba kuɗinka ba ne, ajiya ce ka karɓar wa hukuma. Yawancin mutanenmu suna sa shi a sari su manta, haka ma haƙƙin sallamar ma'aikaci da ke taruwa shekara bayan shekara, da yawa ba sa rubuta shi a bashi ko kaɗan, to shi ma yana ɗaga—

Mai gabatarwa: Malam, lokaci. Mutane so suke su ji: 1.59 da 0.60, da kyau ko babu?

Akanta: Ba adadi guda da ya dace da kowace sana'a. A Current Ratio, ƙasa da ɗaya yana nufin bashin bana ya fi abin biyansa. Mai bakala da kayansa ke ƙarewa duk mako yana iya rayuwa kusa da ɗaya, amma mai jiran Ramadan da Hajji yana buƙatar rata. A ganina 1.59 na Alhaji ba laifi, muddin ya karya farashin tsohuwar abaya ta zama kuɗi. Shi kuwa 0.60, sabon rance zai ɗaga shi: in ya karɓi 50,000, bashi ya koma 190,000, dukiya 285,000, ya kai 0.67. Ya san da wannan kafin ya sa hannu.

Mai gabatarwa: Ni dai shawarata, Alhaji, ka rage ba da kaya bashi a bakin jirgi. Sai gajeru. Wata Hajiya daga Madina ta ce: "Na ga wasu alkaluma a cikin baka biyu, me suke nufi?"

Akanta: Ragewa ake yi da su, Hajiya, ba haɗawa ba, kamar tsufan mota ko asara.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Makka: "Hotona layi biyu ne a tsaye, 2023 da 2024, kuma amsata ta fito wani iri."

Akanta: Ɗauki sama da ƙasa daga shekara guda, kar ka haɗa su. In kuma alkaluman na Larabci ne, tuna ٥ biyar ne ba sifili ba, ɗigo shi ne sifili, ٦ kuma shida ne ko da ya yi kama da bakwai. Buɗe hoton sosai, don ɗigon kan ɓace a ƙaramin allo.

Mai gabatarwa: Na ƙarshe daga Riyad: "Na raba bashi da jari, abokina ya ce ba haka ba ne."

Akanta: Abokinka ya yi gaskiya. Wancan wani ma'auni ne daban, a takardar Alhaji ta farko zai ba ka 140,000 gida 110,000, wato 1.27. Sannan wasu masu ba da rance bashin banki da na kamfanonin kuɗi kawai suke sawa a sama, ba sa haɗa na diloli, don haka tambaye su wanne suke nufi kafin ka cika.

Mai gabatarwa: Madalla, mun gode Malam. Mai bakala da ya turo daga Ɗa'if, hotonka ya dushe, ko layi ɗaya ba mu iya karantawa ba. Sake ɗauka a wuri mai haske, tun daga kan takardar har layin ƙarshe, za mu fara da kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.