Darasin Lissafi: Firakshan a Cikin Firakshan

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanku da war haka. Daga nan Tudun Wadar Zariya nake yi muku sallama. Kowa ya ɗauko biro da takarda, ga abin da ke kan allo:

(1/2 + 2/3) / (3/4 − 1/6)

Ku dube shi da kyau. Akwai dogon layi a tsakiya, samansa firakshan biyu, ƙasansa ma biyu. Yawancinku za ku tara na sama daban, ku ɗebe na ƙasa daban, sannan ku juya na ƙasan ku ninka. Wannan hanya daidai ce, ba laifi. Sai dai ni na fi son wadda zan nuna muku yanzu, domin a tashi ɗaya take kawar da ƙananan firakshan ɗin gaba ɗaya.

To, ku karanto mini lambobin da ke ƙarƙashin ƙananan layukan, na sama da na ƙasa duka: 2, 3, 4, 6. Wace lamba ce mafi ƙanƙanta da dukkansu za su raba ta ba saura? Shida ba za ta yi ba, don huɗu ba ta raba shida. Goma sha biyu fa? Biyu ta raba ta, uku ta raba ta, huɗu da shida ma haka. To 12 ce tamu.

Yanzu mu ninka sama da 12, mu ninka ƙasa da 12. Wani zai ce, Malam, wa ya ba mu izini? Ai 12 bisa 12 ɗaya ne, kuma duk abin da ka ninka da ɗaya yana nan yadda yake. Kamar ka yi canjin naira dubu ne aka ba ka ɗari biyar-biyar guda biyu: kamanni sun sauya, kuɗinka ba su ragu ba. Sharaɗin kawai shi ne abin da ka yi wa sama, shi za ka yi wa ƙasa.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Rabin 12 shida ne. Biyu bisa uku na 12 kuwa, raba 12 gida uku ka sami 4, sau biyu ya zama 8. Sama ke nan ta zama 6 + 8. A ƙasa, uku bisa huɗu na 12 tara ne, ɗaya bisa shida na 12 kuma biyu ne, wato 9 − 2.

(6 + 8) / (9 − 2) = 14/7 = 2

Amsa biyu. Da ka ɗauki 24, ko ma 144 da za ka samu in ka ninka lambobin huɗun da juna, amsar ba za ta sauya ba, lambobin ne kawai za su yi maka nauyi a hannu.

Yauwa. Yanzu ku natsu, nan ne nake ganin yaranmu na zubar da maki, abin kuma yana damuna. Ga na biyu:

(2 + 1/3) / (1 − 1/2)

Ƙananan lambobin ƙasa 3 ne da 2, don haka da 6 za mu ninka. Sai yaro ya ninka 1/3 ya sami 2, ya ninka 1/2 ya sami 3, amma ya tsallake 2 da 1 ɗin nan, wai ai su cikakkun lambobi ne, ba ruwansu. Sai ya rubuta (2 + 2) / (1 − 3), amsarsa ta fito −2.

Ko ba a duba maka ba, kai da kanka za ka iya gane an yi ɓata. Abin da ke sama ya ɗara biyu kaɗan. Na ƙasa kuwa, an cire rabi daga ɗaya, saura rabi. Tambayar ke nan ita ce, rabi nawa ke cikin biyu da ɗoriya? Dole su haura huɗu. Ta ina amsa za ta faɗa ƙasa da sifiri?

Shidan nan sai ta taɓa kowa, har cikakkun lambobin. Biyu sau shida 12, ɗaya sau shida 6:

(12 + 2) / (6 − 3) = 14/3

Huɗu ke nan da biyu bisa uku, ya haura huɗu kamar yadda muka ƙiyasta.

In harafi ya shigo ma aikin bai sauya ba:

(1 + 1/x) / (1 − 1/x)

Ninka kowane yanki da x, za ka sami (x + 1) / (x − 1). Tsaya a nan. Kada ka soke x na sama da na ƙasa, domin tarawa da ɗebewa ne suka haɗa su da ɗayan nan, sokewa kuwa sai inda ninkawa ta haɗa. Sannan ka rubuta a gefe cewa x ba zai zama 1 ba, don ƙasa za ta koma sifiri. Ba zai zama 0 ba kuma. Amsar ƙarshe ba ta nuna haka, amma tambayar asali tana da 1/x, kuma ba a raba abu da sifiri.

Ku gwada da x = 2. A tambayar asali, ɗaya da rabi bisa rabi uku ne. A amsarmu, 3 bisa 1, shi ma uku.

Ga aikin gida: (3 − 1/4) / (1/2 + 5/6). Ku fara ƙiyasta amsar da ka kafin ku ɗora biro. Da shi za mu buɗe darasi na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.