Gyara sau nawa? Imel ɗin farko tsakaninka da mai ba ka aiki

An rubuto wannan daga rikodin wata lacca da aka yi wa matasa masu sana'ar kwamfuta a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na ce zan kawo a kan imel ɗin farko da mutum zai tura wa sabon mai ba shi aiki: iyakar aikin, farashi, yadda za a biya, da lokacin gamawa. Ni zane nake yi a kwamfuta, don haka da zane zan yi misali, amma mai fassara da mai haɗa bidiyo kowa ya ɗora nasa a kai.

Irin aikin nan namu, iyayenmu suna da sunansa tun kafin a san kwamfuta. Jinga ce. Mai gona ya nuna maka daga wannan kunya zuwa waccan, ku yanka kuɗi, ka nome, ya biya ka. Ba wanda ke karɓar jinga bai taka gonar ya ga iyakarta ba. Mu kuwa sai a kira mu a waya, a ce ana son tambari, mu ce an gama. A tambaye mu nawa ne, mu ce "haba Alhaji, ai ba komai, sai abin da ka gani." Kunya ce, na sani, tarbiyyarmu ce, musamman in mutumin ya haife ka. To imel ɗin nan shi ne wurin da za ka faɗi abin da bakinka ya kasa faɗa, cikin ladabi, ba tare da ka ɗaga ido ka kalli dattijo ba.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Wani bawan Allah mai ƙulla garin tafarnuwa da yaji a roba, ba zan faɗi sunansa ba, ya nemi in yi masa tambari da sitikar da za a manna a jikin robar. Muka yi magana a baki, naira dubu 120. Na ƙiyasta awa 24 zai ci ni, wato dubu 5 kowace awa. Na kai zane, ya ce ya yi. Washegari ya nuna wa uwargida, ta ce jan ya yi yawa. Na rage. Ɗansa da ke karatu a jami'a ya ce a sauya rubutun. Na sauya. Wani abokin cinikinsa daga Illela ya ce tunda kayan na tsallakawa Ƙonni, a ƙara Faransanci. Sai da muka yi gyara tara. Da na zauna na lissafa, awa 60 na yi. Dubu 120 a raba 60, dubu 2 ke nan a awa, ban cire data ba, ban cire man janareta ba. Kuma wallahi mutumin bai cuce ni ba. A saninsa ya sayi tambari, kuma tambari bai zama nasa ba sai ransa ya kwanta. Ba a taɓa gaya masa inda gonar ta ƙare ba.

Saboda haka ga yadda nake rubutawa yanzu. Bayan sallama da gaisuwa, layi biyu sun isa, kada ka cika shafi da ya gida ya iyali, sai in ce: "Alhaji, bisa maganar da muka yi ranar Talata, ga abin da na fahimta, in akwai kuskure a gyara mini. Zan zana tambari ɗaya. Zan kawo samfuri uku ka zaɓi ɗaya. Zan zana sitika biyu, ta ƙaramar roba da ta babba." Kun ji? Kowane abu da lamba a jikinsa. Ɗaya, uku, biyu. Duk kalmar da ba a iya ƙirgawa, irin su "mai kyau" ko "na zamani" ko "har sai ka gamsu", ku cire ta. Wannan "har sai ka gamsu" da wasunku ke rubutawa don a ga suna da kirki, ita ce igiyar da za a ɗaure ku da ita.

Sannan gyara. Nan nake so ku buɗe kunne. "Kuɗin nan ya haɗa da gyara zagaye biyu." Amma kada ka tsaya nan, domin abin da kai kake kira zagaye ba shi ne Alhaji yake nufi ba. Sai ka fassara: "Zagaye ɗaya shi ne ka tara duk abin da kake so a sauya, naka da na duk wanda ka nuna wa, ka turo mini a saƙo ɗaya." In ba ka rubuta haka ba, za ka tashi da asuba ka tarar da saƙon murya bakwai a WhatsApp, kowanne da nasa umarnin, na biyar ya rushe na biyu. (dariya) Ga wani can yana gyaɗa kai, ya sha. Saƙo ɗaya, zagaye ɗaya. Sai ka ƙara: "Duk zagayen da ya wuce biyu, naira dubu 10 ne, kuma zan sanar da kai kafin in taɓa." Abin mamaki, tun da na fara rubuta wannan, da wuya in karɓi dubu goman nan. Mutum in ya san zagaye biyu gare shi, shi da kansa zai zaunar da uwargida da yaron jami'a a rana ɗaya su gama gardamarsu kafin ya turo.

Kuma ku bambance gyara da sabon aiki. A rage ja, a ƙara girman suna, gyara ne. A ce samfurin da aka zaɓa an fasa, a koma wani daban, wannan sabon ciniki ne. Tela ma in ka ce ya rage maka hannun riga zai rage, amma in ya gama kaftani ka ce babbar riga kake so, ai sai ka sake sayo yadi.

Har yanzu a na farko muke ko? To bari in ƙarasa, domin akwai layin da ya fi duka amfani, wato abin da ba ya ciki. "Wannan kuɗi bai haɗa da buga sitika ba, bai haɗa da ɗaukar hoton kaya ba, bai haɗa da fassara zuwa wani harshe ba." Za ka ce ai kowa ya sani. Ba kowa ya sani ba. Wanda bai taɓa ba da aikin zane ba, a ransa dubu 120 har da sitika dubu a cikin kwali. Haka kuma ka rubuta abin da kake jira daga gare shi: sunan kaya yadda yake so a rubuta, awon robar, lambar waya, lambar NAFDAC in yana da ita. Shi zai turo su a rubuce, kai kwafa kawai za ka yi. In lamba ɗaya ta karkace aka buga sitika dubu biyar, imel ɗin nan ne zai nuna daga inda kuskuren ya fito.

Na biyu da na uku bari in haɗa su, lokaci na gudu. Farashi ka rarraba shi: tambari dubu 70, sitika biyu dubu 25 kowace, jimla dubu 120. Amfanin rarrabawa, in ya ce ya yi tsada, ba ka rage kuɗi haka kawai, sai ka ce to a cire sitika ɗaya a bar dubu 95. Ka sa wa farashin wa'adi, kwana 14, kun dai san yadda kuɗin data da mai ke motsi.

Biya kuma, rabi kafin alƙalami, dubu 60, ciko in an amince da zane. Ka sa sunan banki, lambar asusu da sunan da zai fito. Ba ka fara aiki da hoton rasit ko alat na tes, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, domin alat na bogi ya yi yawa. In kamfani ne ko ƙungiya, tambaye su tun yanzu ko za su cire haraji daga kuɗinka. In kashi 5 cikin 100 za su cire, dubu 6 ke nan a wannan misali, kuma ka nemi takardar shaidar cirewar. Su kuma sukan ce sai kwana 30 bayan ka kai takardar neman biya, to ka san da haka kafin ka yi wa mai gidan haya alƙawari.

Lokaci, kwana goma na aiki, amma ƙirga na farawa ranar da kafin alƙalami da bayanan nan suka iso duka biyun. Kuma ku tuna, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka karɓi dubu 60, ranar da ka rubuta ta zama bashi a wuyanka. A ƙarshe ka ce: "In ka amince, ka amsa wannan imel da kalmar na amince." Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar abin da ya fito daga kwamfuta in an cika sharuɗɗa, don haka wannan amsa ba wasa ba ce. Na'am? Ƙanwata, ga ki can, a miƙa mata abin magana.

Tambaya: Malam, samfurin wasiƙun da muka gani a intanet, suna cewa in mutum ya yi jinkirin biya a riƙa ƙara mai kashi biyu cikin ɗari duk wata. Shin mu ma mu sa wanga?

Allah ya yi miki albarka, gara da kika tayar da ita. Ni ba na sawa. Da zarar kin gama aiki, cikon nan ya zama bashi a kansa, kuma ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne abin da malamanmu suka karantar da mu cewa riba ce. Rubuta bashin kansa kuwa umarni ne, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan haka ta sauka. To me zai kare ki? Ki tsara aikin yadda bashin ba zai taru ba tun farko. Abin da za ki tura a duba, ƙaramin hoto ne mai rubutun "samfuri" a kwance a kansa, wanda in an kai wa mai bugawa zai fito dishi-dishi. Manyan fayilolin, PDF na bugawa da PNG mai tsabta, sai ciko ya shigo. Ki rubuta wannan ƙarara a imel ɗin farko, kada ya zo masa ba zato a ranar ƙarshe ya ga kamar kin riƙe masa kaya. Ki ƙara cewa mallakar zanen na komawa hannunsa ranar da ya cika kuɗi. In aikin babba ne, kamar na dubu 400, ki raba shi uku ko huɗu, kowane mataki da kuɗinsa, kuma ba ki shiga na gaba sai an sallami na baya. Iyakar abin da za ki bi mutum a kowane lokaci, kuɗin mataki ɗaya ne.

An kira La'asar ko? To mai rikodi, tsayar nan. Wanda ke da imel ɗin da ya riga ya rubuta, ya same ni bayan salla mu duba tare.