Ƙwayar Barcin Jiya Tana Nan a Jikinka Yau: Yadda Wa'adin Rabi Yake Aiki

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan mutum ya sha ƙwayar barci da ƙarfe 10 na dare, ya farka da asuba, ya yi sallah, ya karya kumallo, yawanci yakan ɗauka cewa maganin ya gama aikinsa ya fita. Ga wasu ƙwayoyin haka ne. Ga wasu kuwa, kusan kashi 9 cikin 10 na abin da ya haɗiya yana nan a jikinsa lokacin da yake ɗaukar makullin mota. Abin da ya raba waɗannan biyun lamba ɗaya ce, ita za mu yi bayani a yau.

Yawanci maganin da ya shiga jini, hanta ce ke narkar da shi, ƙoda kuma ta fitar da ragowar ta fitsari. Sai dai jiki ba ya kwashe shi gaba ɗaya a lokaci guda, rabi-rabi yake rage shi. Tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya rage rabin maganin da ke cikin jini, shi ne wa'adin rabi. A wasu takardun da ke cikin kwalin magani za ku ga an rubuta shi da alamar t½. Bayan wa'adi ɗaya, rabi ya rage. Bayan na biyu, rabin rabin, wato kwata. Bayan na uku, kashi 1 cikin 8. Sai an yi wa'adi 4 zuwa 5 kafin a ce kusan duka ya fita.

Mu fara da mai gajeren wa'adi. Zolfidem, wanda ake rubutawa Zolpidem a jikin kwali, wa'adin rabinsa kamar awa 2 da rabi ne. A ce an sha miligiram 10 da ƙarfe 10 na dare. Ƙarfe 12 da rabi, saura 5. Ƙarfe 3 na dare, saura 2 da rabi. Ƙarfe 5 da rabi, lokacin da ake fitowa daga masallaci, abin da ya rage ya ɗan haura miligiram 1. Kafin dare ya sake yi, babu wani abin kirki da ya saura.

Yanzu ga wanda aka fi sani a wajenmu: dayazefam, wanda mutane ke kira baliyam, a kwali kuma Diazepam ko Valium. A jikin babban mutum mai lafiya, wa'adin rabinsa yana kamawa daga awa 20 zuwa 50. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauki awa 48, kwana 2 cur. An sha miligiram 10 da ƙarfe 10 na dare. Ƙarfe 6 na safe, awa 8 ne kawai suka wuce daga cikin 48. Abin da ya rage a jiki ya kusa miligiram 9. Da la'asar ma bai sauka ƙasa da 7 ba.

To me ya sa mutum yake jin ya wartsake? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Dayazefam magani ne mai son kitse. Yana shiga ƙwaƙwalwa da sauri, shi ya sa barci ke ɗaukar mutum nan da nan. Bayan 'yan awanni sai ya bar ƙwaƙwalwar ya bazu cikin kitse da tsokar jiki. Nauyin barcin ya ragu, idanu sun buɗe, amma maganin bai fita ba, wuri kawai ya sauya, kuma daga can yake komawa jini kaɗan-kaɗan. Ban da haka, idan hanta ta narkar da shi, ba ta kashe shi nan take. Tana mayar da shi wani sinadari mai suna nodazefam, wanda shi ma yana kwantar da ƙwaƙwalwa, kuma wa'adinsa ya fi na uwar tasa tsawo, yakan kai awa 100 ko ya wuce.

Wannan na dare ɗaya ke nan. Babbar matsalar tana ga mai sha kullum.

Mu ɗauki direban motar haya mai zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, wanda damuwa ta hana shi barci, ya fara shan miligiram 10 kowane dare. Daren farko, 10 ne a jikinsa. Bayan awa 24, saura 7. Ya ƙara 10, sun zama 17. Washegari da dare 17 ɗin sun koma 12, ya ƙara 10, sun zama 22. Dare na huɗu sun kusa 26, na biyar 28, na shida 30, na bakwai 31. Wajen kwana 10 zai tsaya a kusan 34. Ku lura, ko sau ɗaya bai ƙara yawan ƙwayar ba. Abin da yake sha a daren farko shi yake sha a dare na goma, amma abin da ke jikinsa ya ninka fiye da sau 3, kuma ba mu ma lissafa nodazefam da ke taruwa a gefe ba.

Kamar randa ce da ake zuba mata tulu ɗaya kowane dare, alhali kashi 3 cikin 10 na ruwan da ke ciki kawai ake ɗiba a wuni. Ruwan zai yi ta hawa har sai abin da ake ɗiba ya yi daidai da abin da ake zubawa, sannan ya tsaya. Taruwar magani ma tana da iyaka, kuma lokacin da take ɗauka kafin ta kai iyakar shi ne wa'adi 4 zuwa 5. Saboda haka mai gajeren wa'adi ba ya taruwa idan sau ɗaya ake sha a dare, mai dogon wa'adi kuwa yana ci gaba da hawa har mako ɗaya ko biyu.

Yaya wannan direba zai kasance a mako na biyu? Ba lallai ne a gan shi yana gyangyaɗi ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Jiki yana saurin sabawa da jin barcin, cikin 'yan kwanaki mutum zai ce ai maganin ba ya kama shi da rana. Amma saurin hankali bai dawo daidai ba. Akuya ta faɗo titi, ƙafarsa ta ɗan makara kafin ta taka birki. Motar tana ɗan karkacewa daga layinta ba tare da ya lura ba. Yaron mota ya gaya masa kuɗin da aka karɓa a tasha, bayan awa ɗaya ya sake tambaya. Harshensa ya ɗan yi nauyi, idan ya tashi daga zaune sai ya dafa wani abu. Idan ka tambaye shi zai rantse lafiyarsa ƙalau, kuma ba ƙarya yake yi ba, domin maganin yana rage wa mutum iya auna kansa. Shi ya sa na kusa da shi, matarsa ko abokan aikinsa, suke rigan shi gane cewa wani abu ya sauya.

Ko mai gajeren wa'adin ma bai tsira gaba ɗaya ba. A watan Janairun 2013, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta rage adadin zolfidem da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an gano jikin mata ya fi jinkirin fitar da shi, har wasu suna wayar gari da abin da ya isa ya lalata musu tuƙi. Idan maganin awa 2 da rabi zai iya haka, ku auna na kwana 2.

Lambar da ke cikin littafi kuma ba ta kowa ba ce. Shekaru suna ƙara ta sosai. Ga dayazefam, wa'adin da yake kusan awa 20 a jikin ɗan shekara 20 yakan kai kusan awa 90 a jikin mai shekara 80, saboda hanta ta rage ƙarfi, kason kitse a jiki kuma ya ƙaru. Ku maimaita lissafin ɗazu da awa 90: ƙwaya ɗaya kowane dare za ta taru har kusan ninki 6, kuma za ta ɗauki wajen mako 3 tana hawa. Ga yadda abin ke faruwa a gidaje. An ba Baba ƙwaya don ya samu barci, makon farko kowa ya ji daɗi. A mako na uku ya fara rikita sunayen jikoki, yana wuni a kwance, ya zame a banɗaki lokacin alwala. Sai a ce tsufa ne ya zo, domin babu wanda zai danganta faɗuwar yau da ƙwayar da aka fara tun kwana 20 da suka wuce. Karayar ƙugu a wannan shekarun kuwa tana iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Duk dattijon da ya rikice ko ya fara faɗuwa cikin 'yan makonni, a tattara dukkan magungunan da yake sha a leda a kai wa likita ya duba.

Ciwon hanta ma yana tsawaita wa'adin, haka ƙiba. Wasu magungunan gyambon ciki, musamman simetidin, da omefirazol zuwa wani mataki, suna rage saurin da hanta ke narkar da dayazefam. Giya, kodin da taramadol kuwa nasu haɗarin daban ne: suna haɗuwa da shi su danne numfashi. Mai shan magani mai dogon wa'adi yana iya cewa ai yau ban sha ba, alhali na jiya da na shekaranjiya suna nan suna jiran abin da zai ɗora musu.

Saboda haka idan likita zai rubuta maka maganin barci, gaya masa irin aikinka, ko tuƙi ne, ko injin niƙa, ko hawa gini, sannan ka tambaye shi awa nawa maganin ke yi a jiki. Irin waɗannan ƙwayoyi ana ba da su ne na ɗan lokaci, yawanci kada ya wuce mako 2 zuwa 4. Nitirazefam da fulunitirazefam su ma suna cikin masu kwana a jiki su wuni. Masu gajeren wa'adi kuma suna da nasu aibin: mutum na iya farkawa tsakar dare, kuma idan ya daina, rashin barcin yakan dawo da ƙarfi na 'yan kwanaki.

Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana sha kullum, don Allah kada ya ji wannan bayani ya yanke a dare ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta saba da maganin, yankewa farat ɗaya na iya kawo rawar jiki, gumi, fargaba mai tsanani, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Dogon wa'adi yana ɓoye wannan ma: kwana biyu ko uku na farko mutum zai ji lafiya lau saboda ragowar da ke jikinsa, sai daga baya alamun su taso, wani lokaci bayan mako guda. Hanyar da likitoci ke bi ita ce rage adadin kaɗan-kaɗan duk bayan mako ɗaya ko biyu, a tsaya idan jiki ya nuna alamar wahala, sannan a ci gaba. Ga wanda ya daɗe yana sha, wannan kan ɗauki watanni.