Rubutu biyu, hoto ɗaya: wanne aka fi latsawa?

Assalamu alaikum jama'a. A ce kina sayar da atamfa a Kasuwar Barci, kina kuma so ki biya Facebook kuɗin talla. Hoto yana hannu, abin da za a rubuta a samansa ne ya tsaya miki. Kada ki tsaya canki-canka, rubuta guda biyu ki bar masu saye su raba gardama.

Na farko: "Sabuwar atamfa ta iso, muna kawowa har gida a cikin Kaduna."

Na biyu: "Atamfa turmi ɗaya naira 15,000, muna kawowa har gida a cikin Kaduna."

Kin lura? Farkon maganar kaɗai na sauya, ɗaya da farashi, ɗaya babu. Hoto ɗaya, kuɗi ɗaya, mutanen da za a nuna wa iri ɗaya. Nan ne yawancin mutane ke ɓata gwajin. Su sauya rubutu, su sauya hoto, su ƙara Zariya a ɗaya, sannan in ɗaya ya yi fice a rasa abin da ya jawo. Kuma abin da kike gwadawa ya zo a layin farko, don Facebook na datse dogon rubutu.

A cikin Ads Manager, wato wurin shirya talla na Facebook, ki zaɓi A/B test. Shi ne zai raba mutane gida biyu, wanda ya ga na farko ba zai ga na biyu ba. In kika zuba su wuri guda ba tare da shi ba, manhajar kan karkata ga ɗaya tun da wuri, ta bar ɗayan da ƙishirwa.

Ki bar su kwana 7. Don Allah ki daure, kada ki taɓa komai a tsakani, domin yadda mutane ke riƙe waya ran Juma'a daban yake da ran Litinin.

To, mako ya cika. A ce na farko ya bayyana sau 10,000, an latsa sau 120. Na biyu sau 8,000, an latsa sau 160. Ki raba latsawa da bayyana, ki ninka da 100: na farko kashi 1.2 cikin ɗari, na biyu kashi 2. Mai farashi ya ci. Amma da latsawar 12 ce da 16 kacal, wannan bai isa a yanke hukunci ba, sa'a kaɗai na iya kawo shi.

Wajen dubawa, Link clicks za ki kalla, wato yawan latsa mahaɗin da ke jikin tallar. Clicks (all) yana haɗawa har da wanda ya buɗe hoton kawai ya wuce. Daga nan, in WhatsApp tallar ke kai masu latsawa, ki koma can ki ƙirga mutum nawa ne daga kowane ɓangare suka tambayi lambar asusu.