Wasiƙar neman aiki a shafi ɗaya: buɗewa, hujja da rufewa

Assalamu alaikum. Ƙannena maza da mata, yawancinku ba ku taɓa karɓar albashi ba, kuma da zarar an ce ku rubuta wasiƙar neman aiki sai tambaya ta taso: mutumin da bai taɓa aiki ba me zai rubuta? Yau a kan wannan za mu tsaya. Na san akasarin waɗannan wasiƙu da Turanci ake rubuta su a Nijeriya, a Nijar kuma da Faransanci, amma zan kawo misalan da Hausa don ma'ana ta zauna sosai. Tsarin ɗaya ne ko da wane harshe aka rubuta.

Mu fara da takardar kanta. Girmanta A4, a bar inci ɗaya fili a kowane gefe. Rubutu Times New Roman ko Arial, girman harafi 11 ko 12. A sama ka sa adireshinka da lambar wayarka da imel, sai kwanan wata, sai muƙami da adireshin wanda ake rubuta wa, sai gaisuwa, sai layi ɗaya mai ɗauke da sunan aikin da kake nema. Waɗannan kaɗai sukan cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na shafin, kuma sa hannu ma yana buƙatar gurbinsa a ƙasa. Abin da ya rage maka bai wuce kalma 250 zuwa 300 ba. Ka raba su uku: kamar 50 ga buɗewa, 150 zuwa 180 ga hujja, 40 zuwa 50 ga rufewa, tare da barin layi ɗaya fili tsakanin kowane sakin layi. Idan ka ga rubutu ya tsallaka shafi na biyu, kada ka rage girman harafi zuwa 9 don ka cusa shi. Ka koma ka yanke magana.

Domin kada mu yi ta magana a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano ya sa talla yana neman mataimakin mai kula da sito. Tallar ta ambaci abu uku: rubuta shiga da fitar kaya, ƙidayar kaya a ƙarshen wata, da iya aiki da Excel. Mai nema saurayi ne da ya gama difloma a fannin akanta. Ya yi wata huɗu na koyon aiki na ɗalibai a siton wani asibiti, kuma shekara biyu yana riƙe littafin shagon kawunsa a kasuwar Singa duk lokacin hutu da ƙarshen mako. A ganinsa ba shi da ƙwarewa, tunda ba wanda ya taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki.

Kafin ya rubuta komai, zai ɗauki farar takarda ya ja layi a tsakiya. A hagu ya jera abubuwa ukun da tallar ta nema, da kalmomin da tallar ta yi amfani da su. A dama, daura da kowane ɗaya, ya rubuta inda ya taɓa yin abin, yaushe, da yawan abin da ya riƙe. Wannan takarda ita ce za ta haifar da wasiƙar. Wanda ya tsallake ta shi ne yakan ƙare a shagon kwamfuta yana cewa a buga masa irin wadda aka buga wa na gabansa.

Sakin layi na farko aikinsa ƙanƙane ne, jimla uku sun isa. Wane aiki kake nema, a ina ka ga tallar, kuma wane ne kai a taƙaice. Saurayinmu zai rubuta kamar haka: "Ina neman gurbin mataimakin mai kula da sito da kuka tallata a shafinku na intanet a wannan wata. Ina da difloma a fannin akanta, kuma na yi aikin rubuta shiga da fitar kaya a siton asibiti da kuma shagon sari a kasuwar Singa." Idan tallar tana da lambar shaida, a sa ta. Dalili shi ne kamfani kan tallata gurabe da yawa lokaci guda, kuma wanda ke ware takardu yana so ya san tarin da zai ajiye taka tun daga layin farko. Wasiƙar da ta ce "ina neman kowane irin aiki da kuke da shi" ba ta da tarin da za ta shiga.

A nan ne kuma al'adarmu ta doguwar gaisuwa take cutar da mu. Mutum zai fara da fatan alheri, da yabon kamfani, da bayanin cewa shi maraya ne ko shi ne babba a gidansu, a taimaka masa saboda Allah. Halin da yake ciki gaskiya ne, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma wanda ke karantawa an ɗora masa nauyin samo wanda zai tsare kayan kamfani kada su salwanta, kuma shi ma akwai wanda zai tambaye shi dalilin zaɓinsa. Ba zai iya kare zaɓin da tausayi ba, sai da abin da ka nuna ka iya.

To, mu zo kan sakin layi na biyu, inda zan fi daɗewa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera siffofi: ni mai gaskiya ne, mai ƙwazo, mai riƙon amana, mai iya zama da mutane. Kowa haka yake rubutawa, har wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki, don haka waɗannan kalmomi ba sa bambanta ka da kowa. Hujja kuwa tana da sassa uku: abin da ka yi, a ina da yawansa, da abin da ya biyo baya. Ku saurari yadda saurayinmu zai juya takardarsa mai layi a tsakiya:

"A wata huɗun da na yi a siton asibiti, ni ke rubuta kayan da aka karɓa da waɗanda aka fitar a katin kowane kaya, kimanin nau'i 120, kuma na shiga ƙidayar ƙarshen wata sau huɗu tare da shugaban sito. A shagon sari na mayar da littafin kaya da na bashi zuwa Excel, na ware shafi ga kowane nau'i, yadda duk yamma ake ganin abin da ya rage. Ta wannan hanya muka gano cewa ana rubuta wasu katan na taliya sau biyu idan an sauke su daga mota, muka gyara."

Ku lura, bai ce shi mai riƙon amana ba ne, amma wanda ya karanta ya ga an bar masa littafin bashi. Bai ce ya iya Excel kawai ba, ya faɗi abin da ya gina da shi. Kuma duk buƙatun tallar uku sun samu amsa, a jere kamar yadda tallar ta kawo su, don mai karatu yakan ajiye tallar a gefe yana dubawa.

Wani zai ce ai shagon kawu ba aiki ba ne. Aiki ne, muddin ka faɗe shi yadda yake. Haka ma koyarwar da ka yi a bautar ƙasa, riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai, ɗinki, gyaran waya, ko binciken kammala karatu idan ya shafi aikin. Sharaɗin shi ne ka zaɓi biyu, ko uku idan ya yi yawa, waɗanda suka fi kusa da tallar. Sauran suna nan a takardar tarihin karatu da aiki da za ka haɗa. Kada ka kwafo wannan takarda cikin wasiƙa, kana jera firamare da sakandare da shekarun da ka gama. Mai karatu yana da ita a hannu. Abin da ba shi da shi shi ne bayanin yadda abin da ka yi ya dace da gurbinsa.

Sai na ja kunnenku a kan lambobi. Lamba tana ƙara wa hujja nauyi, shi ya sa wasu ke kumbura ta. Idan saurayinmu ya ce nau'i 500 alhali 120 ne, ranar ganawa za a tambaye shi yadda suke ƙidaya su a yini ɗaya, da abin da suke yi idan kati bai yi daidai da abin da ke kan kanta ba. Wanda ya san sito zai gane ƙarya a tambaya ta biyu, daga nan kuma sauran wasiƙar ta zama abin zargi. Idan ba ka tuna adadi daidai ba, ka ce "kimanin", ka zaɓi na ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Idan kuma akwai buƙatar da ba ka da hujja a kanta fa? A ce tallar ta nemi wata manhajar lissafi da saurayinmu bai taɓa taɓawa ba. Kada ya ce ya iya, kada kuma ya ɓata layi uku yana ba da haƙuri. Jimla ɗaya ta isa: ya ambaci mafi kusa da ita da ya yi, wato Excel, ya ce a shirye yake ya koyi tasu.

Ga yadda za ka gwada wannan sakin layi. Ka rufe sunanka da na kamfanin da yatsa, ka karanta. Idan abokin karatunka zai iya sa hannu a ƙasa ya aika wa wani kamfani ba tare da ya canza komai ba, ba ka kawo hujja ba tukuna.

Rufewa gajeruwa ce. Ka ce ka haɗa takardar tarihinka da kwafin takardun shaida, ka faɗi lokacin da za ka iya fara aiki, ka nemi a ba ka damar ganawa, ka yi godiya a jimla ɗaya. Kada ka kawo sabuwar hujja a nan, kada ka tayar da maganar albashi sai idan tallar ta nema, kuma kada ka koma roƙo. Sai ka bar layi uku ko huɗu don sa hannu, ka buga cikakken sunanka a ƙasa kamar yadda yake a takardun shaidarka.

Wata 'yar'uwa ta miƙo tambaya a rubuce game da aikawa ta imel. Malama, ki ajiye wasiƙar a matsayin PDF, domin fayil ɗin Word yakan sauya tsari idan aka buɗe shi a wata kwamfuta ko a waya, shafi ɗaya ya koma biyu. Ki sa wa fayil ɗin sunanki da sunan aikin, ki rubuta sunan aikin a gurbin taken imel. Kada ki ɗauki hoton takarda da waya ki tura. Kafin ki aika, ki karanta da babbar murya sau ɗaya, ki sake duba sunan kamfanin, musamman idan kin gyara tsohuwar wasiƙa ce, sannan ki sa wani ya ɗauki wayarsa ya kira lambar da kika rubuta a sama ki tabbatar wayarki ce ta yi ƙara.