Karin Maganar Rumbu da Toka: Laccar da Aka Gabatar a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Wasu matasanmu sun ɗauki aikin rubuta karin magana guda kowace safiya, da ɗan bayani a ƙasa. Ina karantawa, kuma gyara ɗaya na zo da shi: bayanin yakan koma wa'azi, a bar maganar kanta a rufe.

Shekaranjiya wani ɗana ya rubuta: "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada." Sai ya sa a ƙasa, "Mu guji ɓarna." Na kira shi na ce, yaro, ka taɓa ganin rumbu? Ya yi dariya. A Asawase aka haife shi, masara a buhu ya san ta.

To daga nan bayani yake farawa. Rumbu ɗaki ne na laka ko na kara da manomi yake zuba gero da dawa bayan kaka, abincin gidansa na shekara. Toka kuwa ba shara ba ce. Masu rini a karofi suna bukatarta, mata suna tace ruwanta su sa a miya in babu kanwa. Ku da kuke nan ma kun fi kowa sani, domin sabulun salo da ake sayarwa a Kejetia da tokar ɓawon koko da na ayaba ake yin sa. Ashe toka tana da kasuwa. Amma wane mai hankali ne zai ƙona hatsin shekara don ya sayar da toka? Nan gishirin maganar yake.

Sannan a faɗi inda ake yin ta, wanda shi ne aka fi mantawa. Direba ya sayar da motar hayarsa da yake ci da iyali, ya ce zai shiga fataucin goro. Ana ta surutu a majalisa, sai dattijo ya jefo wannan magana. Ba yabo ya yi ba, ba kuma zagi ba. Cewa yake, ku ƙyale shi, wataƙila ya hango abin da ba ku hango ba, in kuma bai hango ba, shi zai kwana da yunwa. Sau da yawa da gatse ake faɗinta, murya ce take nunawa, rubutu kuwa ba shi da murya, don haka dole mai bayani ya ce akwai gatse.

Ga yadda za ku gwada: ku ɗauke karin maganar, ku liƙa bayanin a ƙarƙashin wata. In ya zauna daidai, ba ku bayyana komai ba. "Mu guji ɓarna" zai hau kan karin magana hamsin. Yaron nan ya sake nasa da layi uku, na rumbu, na toka, na direba, kuma wannan karon kakarsa ba ta gyara masa ko kalma ba.