Ka Yi Aikin, Amma An Ce Kada Ka Faɗa: Yadda Za Ka Sa Shi A Takardar Neman Aiki

An rubuto wannan lacca daga rikodin wani zama da aka yi da matasa masu aikin kwamfuta da masu karɓar kwangilar bincike a birnin Kano. Mai jawabin lauya ne da ke duba yarjejeniyoyin kwangila.

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da yamma, na baya kuna ji na? To madalla.

Tambayar da aka ba ni ita ce: mutum ya yi aiki mai kyau, amma kafin ya fara an sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, ko kuma aikin na wata ma'aikatar gwamnati ne. Yanzu yana neman wani aikin, an ce ya kawo abin da ya taɓa yi. Me zai rubuta?

Misali ɗaya zan ɗauka, mu bi shi har ƙarshe, kuma ƙirƙirarsa na yi, alƙaluman ciki ma haka. A ce wata matashiya ce injiniyar manhaja. Wani kamfani ya sami kwangilar tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi na wata jiha, ya ɗauke ta ta gina manhajar da za ta gwada sunayen da ke takardar albashi da bayanan da aka ɗauka wajen tantancewa, domin a gano sunan da ya fito sau biyu da wanda babu mai shi. Ta yi wata takwas tana aikin. Ga abin da ta fara rubutawa a takardar tarihin aikinta, wadda muke ce wa sibi: "Na gina manhajar tantance albashi ga ƙananan hukumomi 44 na wata jiha a Arewa, inda muka gano ma'aikatan bogi 3,200, muka ceto wa gwamnati naira miliyan 180 duk wata."

Ita a ganinta ta rufa asiri, tun da ba ta ambaci sunan jihar ba. Na ga wasu suna dariya. Ai dole. Jiha ɗaya ce a duk Najeriya mai ƙananan hukumomi 44, kuma a cikinta muke zaune. Da ta ce 34 an san Katsina ce, da ta ce 27 a Arewa maso Yamma an san Jigawa ce. Cire suna bai isa ba idan bayanan da suka rage suna nuna wuri ɗaya tak. Kuma a wajen alƙali, wanda ya faɗi suna da wanda ya yi kwatancen da kowa zai gane, bambancinsu kaɗan ne.

Kafin mu gyara mata jimlar, mu koma ga takardar da ta sa wa hannu, domin ba duk yarjejeniya ce ke hana abu ɗaya ba. Yawancinku kun sa hannu ba ku karanta ba, kwafi ma ba ku karɓa ba. Ku nemi kwafin. Idan ya zo hannunku, ku fara da sakin layin da ya fassara abin da ake nufi da bayanin sirri. Wata yarjejeniyar takardun da aka buga wa hatimin sirri kawai ta ƙunsa. Wata kuwa ta ce duk abin da ka gani ko ka ji a lokacin aikin. Sai ku nemi wata 'yar jimla da mutane ke tsallakewa, wadda ke cewa wanzuwar yarjejeniyar kanta da dangantakar ɓangarorin biyu sirri ne. Idan tana nan, to ko cewa "na yi wa wane aiki" ba ka da iko. Idan babu ita, kuma babu sharaɗin da ya hana amfani da suna ko tambarin mai aikin wajen talla, sau da yawa za ka iya ambatar wanda ka yi wa aikin, abin da ke cikin aikin ne ba za ka buɗe ba.

Sannan akwai keɓancewa. Kusan duk yarjejeniyar da aka rubuta da kyau tana cire abin da ya riga ya fito fili ba ta hanyarka ba, da abin da ka sani tun kafin ka shiga aikin. Akwai kuma wa'adi. Wata shekara biyu ce, wata biyar, wata ba ta da ranar ƙarewa. Ku lura da inda lissafin ya fara, daga ranar sa hannu ne ko daga ranar da aiki ya ƙare.

Aikin gwamnati yana da ƙarin nauyi. Karya yarjejeniyar kamfani lamari ne na ƙarar diyya. Amma akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, wadda har yau tana aiki, kuma ta mai da miƙa bayanin da aka ware a matsayin sirri ga wanda ba a yarje masa ba laifi ne da hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Wannan ba ya ƙarewa don kwangilarka ta ƙare. Wani zai ce ai akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Akwai. Amma ita hanya ta buɗe wa ɗan ƙasa ya rubuta wa hukuma ya nemi bayani, hukumar ta amsa cikin kwana bakwai, ta bayar ko ta faɗi dalilin hanawa. Ba ta ce ɗan kwangila ya kwaso abin da ke kwamfutarsa ya yi tallar kansa da shi ba. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Takardar albashin nan da matashiyarmu ta yi aiki a kai cike take da sunaye da lambobin asusun banki. Waɗannan na mutanen ne, ko shugaban ma'aikatar ba zai ba ta izinin nuna su don neman aiki ba.

To yanzu mu gyara jimlar. Mai ɗaukar aiki ba sunan jihar ne ya dame shi ba. So yake ya san me hannunki ya iya, aikin ya kai wane girma, kuma wane ɓangare ne naki. Tela idan yana neman ciniki yana iya nuna wa mutum irin ɗinkinsa ba tare da ya ce lefen 'yar gidan wane ba ne, balle ya faɗi turmi nawa aka sa. Don haka sai ta rubuta: "Na tsara kuma na gina manhajar gano maimaituwar bayanai ga wata hukumar gwamnati, a kan rumbun bayanai mai dubban ɗaruruwan layuka. Ni ce mai kula da ɓangaren daidaita sunaye a ƙungiyar mutum biyar. Aikin da ake yi da hannu cikin makonni ya koma kwana ɗaya ko biyu."

Ku duba abin da ya fita. Lambar 44 ta fita. Ma'aikatan bogi 3,200 da naira miliyan 180 sun fita, domin wannan sakamakon binciken hukumar ne, hukumar ce ke da ikon sanar da shi, kuma magana ce da za ta iya zama ta siyasa ko ta kotu. Kalmar albashi ma na cire ta, saboda idan aka haɗa ta da shekarar da aka rubuta a gefen aikin, duk mai sauraron rediyo a garin nan zai iya tuna wace jiha ce ta yi tantancewa a lokacin. Abin da ya rage shi ne gwanintarta, kuma nan ne ya kamata ta zauna ta yi bayani sosai. Misali, yadda ake gane cewa Muhammad da Mohammed da Muhd mutum ɗaya ne, ko yadda za a raba Sani Abdullahi biyu da suka zo da ranar haihuwa ɗaya ta 1 ga Janairu. Wannan ilimin sana'arta ne, da shi ta shiga, da shi za ta fita. Abin da ba za ta faɗa ba shi ne ma'aunin da hukumar ta tsayar na cewa daga nan suna ya zama abin zargi, domin wanda ya san ma'aunin ya san yadda zai zille masa.

Kafin ta aika, ta ba wani da ya san harkar ya karanta, ta tambaye shi, "Wace hukuma ce?" Idan ya canka, ko ya kawo biyu da ɗaya daga ciki daidai ce, a sake gyara.

Hanyar da na fi so kuwa ita ce neman izini a rubuce, kuma mutane suna jin tsoronta ba gaira ba dalili. Kada ka rubuta ka ce, "Zan iya magana a kan aikin?" Wannan tambaya a'a ce amsarta, domin babu jami'in da zai sa hannu a abin da bai san iyakarsa ba. Ka rubuta ainihin jimlolin nan uku, ka faɗi inda za su fito, ka nemi a amince da su yadda suke ko a gyara. Matashiyarmu kuma kamfanin da ya ɗauke ta za ta rubuta wa, da shi ta ƙulla yarjejeniya, shi ne zai nemi yardar hukumar idan ana buƙata. "Ba komai, je ki sa" da wani darakta ya faɗa a barandar sakatariya ba izini ba ne. Gobe a yi masa canjin wurin aiki.

Hotunan allo da fayilolin aiki su ne inda aka fi faɗawa. Mutum ya ɗora baƙin akwati a kan suna a fayil ɗin PDF, ya ɗauka ya goge. Rubutun yana nan a ƙarƙashi. Ka danna Ctrl+A, ka kwafa, ka liƙa a Notepad, sai ga sunayen reras. Bayanan fayil ɗin ma sukan ɗauki sunan wanda ya rubuta da na ma'aikatar. Idan dole sai kin nuna wani abu, ki gina ƙaramin samfuri sabo daga farko, da sunayen ƙarya, ki rubuta a kansa cewa samfuri ne. Kada ki ɗauko manhajar da kika miƙa ki sauya mata launi ki ɗora a GitHub, domin yawancin kwangiloli sun mallaka wa mai aikin abin da aka rubuta masa.

(Wani daga cikin mahalarta ya yi tambaya.)

Malam yana tambaya, idan ana cikin ganawar ɗaukar aiki aka matsa, aka ce mu nan ba za mu faɗa wa kowa ba, wace hukuma ce? Malam, ka ce, "Na sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, ba zan iya ambatar su ba, amma zan iya zana muku yadda na warware matsalar." Ka tashi ka kama allo. Kada ka yi murmushin da zai sa su canka, kada ka ce "ai kun san su, suna nan kusa da kaza". Idan sun ambaci suna daidai, kada ka ce e, kada ka ce a'a, ka maimaita amsarka ta farko.

Hajiya kuma ta tambayi batun neman kwangila, inda ake cewa a kawo shaidar irin aikin da aka taɓa yi. Hajiya, wannan tun ranar rufe aiki ake shirya masa. Ki nemi takardar shaidar kammala aiki wadda ta faɗi nau'in aikin da lokacinsa ba tare da sakamakon ba, ki sa a rubuta a cikinta cewa an yarda ki gabatar da ita wajen neman wata kwangilar. Idan kika bari sai bayan shekara biyu, wanda ya san kin yi aikin mai yiwuwa ya yi ritaya, wanda ya gaje shi kuma sai ya ce a nemo fayil.